Aikin da ke Kiran Kansa: Amsar Wani Malami ga Ɗalibarsa

Wata ɗaliba 'yar aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta ta rubuta wa malaminta gajeren saƙo ana saura kwanaki a fara jarrabawa. Ta ce: "Malam, don Allah ku duba mini ko na gane. Idan aiki ya kira kansa, kwamfuta tana yin sabon kwafinsa ta ɗora a kan na baya, kamar yadda ake jera kwanuka ɗaya bisa ɗaya. Da an kai sharaɗin tsayawa sai amsa ta fito, a sauke kwanukan daga na sama. Yawan kiran da aka yi shi ne tsayin tarin. Haka ne?"

Malamin bai yi kwana-kwana ba. Layinsa na farko shi ne: "Haka ne, kin kama bakin zaren." Ya nuna mata abu biyu da ta faɗa daidai, wato kowane kira yana samun wurinsa a kan tari, kuma wanda ya shiga daga ƙarshe shi ne ke fara fita. Daga nan ne ya kawo gyara guda uku, ƙanana a baki, amma kowannensu yana iya hana mutum barci ranar da manhajarsa ta tsaya cak.

Ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, abin da ake nufi da aiki a nan shi ne ɗan gungun umarni da aka raɗa wa suna, ana kiransa da sunan, a miƙa masa lamba ko rubutu, ya dawo da amsa. Abin da 'yan kwamfuta ke kira rikashan shi ne wannan aikin ya kira kansa da kansa, amma da ƙaramar matsala fiye da wadda aka ba shi. Misalin da ɗalibar ta turo a harshen Python yake, yana tara lambobi daga 1 zuwa wadda aka ba shi:

```python
def jimla(n):
    if n == 0:
        return 0
    return n + jimla(n - 1)
```

Ma'anarsa a sarari take. Jimlar lambobi har zuwa 4 ita ce 4 a haɗa da jimlar lambobi har zuwa 3, ita kuma 3 a haɗa da ta 2, a yi ta sauka har sifili, inda babu sauran abin tarawa.

Gyaran farko ya shafi maganar kwafi. Malamin ya rubuta mata cewa umarnin `jimla` guda ɗaya ne tak a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko an kira shi sau biyar ko sau ɗari biyar. Abin da ake ɗorawa a kan tari ɗan wurin ajiya ne da ake kira firem, kuma abin da ke cikinsa kaɗan ne: lambar da aka ba wannan kiran, sauran ƙananan bayanan da yake aiki da su, da kuma adireshin inda za a koma idan ya gama. Ya ce mata kwanukanta suna nan daram, abin da ke cikinsu ne kawai ya canza. Idan aka kira `jimla(4)`, firem biyar za su hau, na farko `n` ɗinsa 4 ne, na biyu 3, har na biyar mai sifili. Suna ɗaya ne, amma kowane `n` yana zaune a wurinsa, kuma na sama ba ya taɓa na ƙasa.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne a tarihin fannin. Tsofaffin harsuna irin su FORTRAN na farko sukan ware wa kowane aiki wuri ɗaya tabbatacce da zai ajiye bayanansa da adireshin komawarsa. Da aikin zai kira kansa, kira na biyu zai goge abin da na farko ya ajiye, ya rasa hanyar komawa. Shi ya sa har ƙa'idar FORTRAN 77 ba ta yarda da kiran kai ba, sai a Fortran 90 aka shigar da shi. Harshen ALGOL 60 kuwa ya zo da shi tun 1960, kuma a shekarar ce Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, ya wallafa maƙala da ke bayyana yadda za a yi amfani da tari a bai wa kowane kira wurinsa. Hoton da ɗalibar ta zana a kanta, a taƙaice, shi ne dabarar da ta warware wannan matsala.

A gyara na biyu malamin ya fi daɗewa, kuma ya dace ya daɗe, domin nan ne mafi yawan masu koyo ke zamewa. Ɗalibar ta ce da an kai sharaɗin tsayawa amsa take fitowa. Ya ce mata: "Duba da kyau. A lokacin da aka kai sifili, ko tarawa ɗaya ba a yi ba tukuna." Firem mai 4 ya tsaya a tsakiyar layinsa na ƙarshe, yana riƙe da 4, yana jiran abin da zai haɗa da ita. Mai 3 ma haka, da mai 2, da mai 1. Abin da `jimla(0)` ke mayarwa sifili ne kawai, kuma ba wanda ya fara tambaya yake miƙa wa ba, yana miƙa wa firem ɗin da ke ƙarƙashinsa ne. Wannan ya haɗa 1 da 0 ya sami 1, ya sauka. Na gaba ya haɗa 2 da 1 ya sami 3. Sai 3 da 3 su ba da 6, sai 4 da 6 su ba da 10. Duk lissafin a hanyar dawowa aka yi shi.

Maimakon ya tsaya a bayani, sai ya ba ta ɗan gwaji, ya ce ta rubuta abin da take zaton zai fito a takarda kafin ta danna komai:

```python
def kirga(n):
    if n == 0:
        return
    print("shiga", n)
    kirga(n - 1)
    print("fita", n)
```

Wanda ya ɗauka komai yana ƙarewa a sharaɗin tsayawa zai yi zaton `kirga(3)` zai buga layi uku ya yi shiru. Layi shida ke fitowa: `shiga 3`, `shiga 2`, `shiga 1`, sannan `fita 1`, `fita 2`, `fita 3`. Layukan fita sun zo a juye saboda kowane firem ya ci gaba ne daga daidai inda ya tsaya, bai koma farkon aikin ba, kuma ya tarar da `n` ɗinsa yadda ya bar shi. Mutum ya ga waɗannan layuka shida da idonsa sau ɗaya ya fi masa karanta shafi goma.

Gyara na uku shi ne na tsayin tari. A misalinta maganarta gaskiya ce, domin kowane kira sau ɗaya yake kiran kansa, don haka kira biyar firem biyar ne. Amma abin yana sauyawa idan aiki ya kira kansa sau biyu. Malamin ya kawo jerin Fibonacci, inda kowace lamba take zama jimlar biyun da suka gabace ta:

```python
def fib(n):
    if n < 2:
        return n
    return fib(n - 1) + fib(n - 2)
```

A nan `fib(5)` yana jawo kira 15, amma firem ɗin da ke kan tari a lokaci guda ba sa wuce 5. Dalili kuwa shi ne ba a fara kira na biyu sai na farko ya gama, firem ɗinsa da duk na 'ya'yansa sun sauka. Tari yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Idan aka kai `fib(30)`, kira 2,692,537 ake yi, alhali tsayin tarin bai wuce 30 ba. Saboda haka abu biyu ne daban: yawan kira shi ke cin lokaci, zurfin kira shi ke cin wurin ajiya. Manhajar da ta yi nauyi tana jan ƙafa, mai yiwuwa yawan kira ne ya yi mata yawa. Wadda ta faɗi nan take da saƙon kuskure, zurfi ne.

Daga nan ya ja hankalinta kan abin da saƙonta bai taɓo ba, wato tari yana da iyaka. Python yana zuwa da iyakar zurfi ta 1000, wadda ake gani da `sys.getrecursionlimit()`. `jimla(900)` zai ba da 405450 lafiya lau. `jimla(5000)` kuwa, duk da cewa babu kuskure ko ɗaya a rubutunsa, zai tsaya da wannan saƙo:

```
RecursionError: maximum recursion depth exceeded
```

A Java sunan kuskuren `StackOverflowError`. A harshen C babu mai ƙirga zurfi, manhajar tana cin tari har ya ƙare, kuma a yawancin na'urorin Linux megabayit 8 ne aka saba warewa, sai kawai ta mutu da `Segmentation fault`.

Saƙon iri ɗaya ne ke fitowa idan matsalar ta daban ce, shi ya sa ya koya mata yadda za ta bambance. A ba `jimla` lambar -1 a gani. Sharaɗin yana nan, amma ba za a taɓa isa gare shi ba, domin -1 zai kira -2, shi kuma -3, ana ta nisa da sifili. Haka 2.5 zai tsallake sifili daga 0.5 zuwa -0.5. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buga `n` a farkon kowane kira. Idan lambar tana matsowa kusa da sharaɗin tsayawa amma tari ya cika kafin ta isa, aikin daidai yake, zurfin ne ya yi yawa. Idan tana nisa, sharaɗin ne ke da rami, kuma sauya `n == 0` zuwa `n <= 0` zai toshe shi.

Ya gargaɗe ta game da saurin ɗaga iyakar da `sys.setrecursionlimit()`. Idan sharaɗin ne ya lalace, ɗaga iyaka jinkirta faɗuwar kawai zai yi. Idan kuma zurfi ne, aiki irin na `jimla` ya fi dacewa da madauki na `for`, wanda firem ɗaya ya ishe shi ko lambar ta kai miliyan. Inda kiran kai ya fi amfani shi ne abin da ke da rassa, kamar folda a cikin folda a kwamfuta, inda fayil zai iya kai dubbai amma zurfin da wuya ya wuce 'yan gomomi.

A ƙarshen amsar ya ba ta aikin gida ɗaya. Ta sa `breakpoint()` a cikin `jimla` daidai inda `n` ya zama sifili, ta kira `jimla(4)`, idan manhajar ta tsaya ta rubuta `where` don ta ga jerin firem ɗin da ke jira. Sannan ta yi amfani da `up` ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowanne ta rubuta `p n`, ta turo masa lambobin da ta gani da tsarin da suka fito.