Me ya sa bankuna ke ɗari-ɗari da ƙaramin manomi? Darasi daga Saulawa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi ya san tambayar da ke zuwa a zuciya: idan aka ƙi biya, me zan riƙe? Wannan tambayar ce ke raba manoman Ikara da Makarfi da Kudan da rancen banki.

Akasarin gonakin yankin na gado ne, ba su da takardar mallaka irin wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada, don haka banki ba ya karɓar su a matsayin jingina. Ga kuma ɗawainiya. A misali, bankin da ya ba ɗan kasuwa guda naira miliyan 50 fayil ɗaya zai bibiya. Idan ya raba kuɗin ga manoma 250, kowa naira 200,000, sai ya tura ma'aikata gonaki 250 a ƙauyuka daban-daban, alhali ribar ba ta ƙaru ba.

Babbar fargabar ita ce asarar noma ba ta zuwa wa mutum ɗaya. A 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, maƙwabta sun yi asara a tare. A irin wannan shekara tsarin lamunin rukuni na ƙananan bankuna yakan rushe, domin wanda ya tsaya wa wani shi ma ba shi da abin biya. Bugu da ƙari, biyan mako-mako ya dace da mai shago, bai dace da manomin masara da ke ganin kuɗi sau ɗaya bayan girbi ba.

Tun 1977 gwamnatin tarayya ta kafa asusun da ke mayar wa banki har kashi 75 cikin ɗari na bashin noman da aka gaza biya, amma hakan bai rage wa banki wahalar bibiya ba.

Kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya fara a yankin Saulawa a 2012, ya bi wata hanya. Yana haɗa manoma cikin ƙananan ƙungiyoyin amana, ya ba su iri da taki bashi maimakon tsabar kuɗi, jami'ansa su riƙa duba gonaki. Bayan girbi sai masarar ta shiga rumbun kamfanin, a sayar, a cire bashi, manomi ya karɓi saura. Hatsin da kansa ya zama jinginar.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Masara tana ajiyuwa, tumatirin Ikara kuwa kwanaki kaɗan yake yi ya ruɓe. Kuma idan manomi ya karkatar da amfaninsa zuwa kasuwa a ɓoye, jinginar ta tafi ke nan.