Tumbuɗin jarirai: me ya sa yake ƙaruwa da an kwantar da yaro?

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, uwaye da yawa sun san wannan hali. Jariri ya sha nono ya ƙoshi, ya yi barci a bayan uwa yini guda ba motsi, amma da dare, da an shimfiɗe shi a gado sai ya fara miƙa, ya dawo da nono, ya farka da kuka. Wannan shi ne tumbuɗi. Aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin sa, kuma ga mafi yawansu ba cuta ba ce. Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne daga dabarun da iyaye ke yi don su magance shi.

Tsakanin hanyar abinci da tumbi akwai wani zobe na nama da ke tsukewa bayan abinci ya wuce, kamar bakin jaka da aka ɗaure da igiya. A jikin jariri wannan zoben yana yawan sakewa, hanyar abincin kuma gajera ce. Ga shi abincinsa duka ruwa ne, kuma mai yawa. Jariri yana shan kimanin mililita 150 na nono a yini a kan kowane kilo na nauyinsa. Ke nan yaro mai kilo 5 yana shan kusan mililita 750. Da babban mutum mai kilo 60 zai sha daidai da haka, da ya shanye lita 9 kullum. In yaro yana goye, nonon na zaune a ƙasan tumbi, iska tana sama, sai gyatsa ta fito ita kaɗai. In aka kwantar da shi da cikakken ciki, nonon ne ke kwanciya a bakin zoben, kamar buta cike da aka karkatar. Da zoben ya sake, nono ya hau.

A ɗauki misalin yaro ɗan wata uku. Ya sha nono da ƙarfe 9 na dare, barci ya kwashe shi da nono a baki, aka kwantar da shi nan take. Bayan minti goma ya yi tumbuɗi ya farka. Uwa ta ɗauka abin da ya sha duk ya zube, sai ta sake cika masa ciki. Cikin da bai sauka ba ya ƙara cika, tumbuɗi ya dawo, haka har asuba. Alhali abin da ya fito sau da yawa bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Mai shakka ta zuba ruwa cokali guda a kan zane, za ta ga faɗin wurin da zai jiƙa.

Gyaran wannan dare ba ya bukatar magani. In yaro ya saki nono, a ɗora shi a kafaɗa, kansa a sama, a shafa bayansa ya yi gyatsa, a riƙe shi haka minti 20 zuwa 30 kafin a kwantar. Kada a zaunar da shi a lanƙwashe, don zama na matse ciki, haka ma zane ko ƙunzugu da aka ɗaure da ƙarfi. Ba a hana jariri nono in ya nema, amma kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi cikawa lokaci guda. Ko a zafin watan Afrilu, yaron da bai kai wata shida ba ba ya bukatar ruwa, bauri ko jiƙo. Suna cika ciki, suna tare wurin nono, suna iya kawo zawo. Hayaƙin taba shi ma yana ƙara tumbuɗi.

Batun kwanciya shi ne inda aka fi kuskure. Gaskiya ne tumbuɗi yana raguwa in an kifa yaro rub da ciki, shi ya sa wasu kakanni ke ba da wannan shawara. Amma barci rub da ciki ko a gefe yana ƙara haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci. Iyaye na tsoron kada yaron da ke rigingine ya shaƙe da nono. Halittar jiki ba ta goyi bayan wannan tsoro ba: in yaro na rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka abin da ya hau yakan koma inda ya fito, lafiyayyen jariri kuma yana haɗiyewa ko ya yi tari. A Amurka, bayan yaƙin wayar da kai na 1994 a kan kwantar da jarirai rigingine, irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi, kuma ba a ga ƙaruwar shaƙewa ba. Tada kai da matashi ko karkatar da katifa ma ba a yarda da su ba, domin yaro na iya zamewa, haɓarsa ta danne ƙirji, numfashi ya toshe. A 2022 Amurka ta haramta sayar da gadajen barcin jarirai masu gangara. Ƙa'idar ita ce rigingine, a shimfiɗa mai tauri, a miƙe, ba matashi, cikin gidan sauro.

Ba kowane farkawa ba ne na tumbuɗi. Barcin jariri yana zuwa ne a zagaye na kusan awa ɗaya, kuma farkawa sau biyu ko uku don shan nono a watannin farko abu ne na al'ada. Farkawar da tumbuɗi ya jawo takan zo jim kaɗan bayan an kwantar da yaro da cikakken ciki, tare da haɗiya, tari ko jiƙar wuyan riga, kuma yaron kan lafa in an ɗaga shi. Wanda ya farka bayan awa uku yana neman nono da baki, yunwa ce ta tashe shi.

Mai raba gardama shi ne sikeli. A watanni uku na farko jariri yakan ƙara giram 150 zuwa 200 a mako. In layin nauyinsa a takardar awo yana hawa, yana fitsari sosai, yana wasa, to wanki kawai tumbuɗin ya ƙara wa uwa. Yakan fara kafin mako takwas, ya fi yawa wajen wata huɗu, ya ragu in yaro ya fara zama, kuma 9 cikin 10 sun rabu da shi kafin shekara.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: amai kore ko mai jini, kumburin ciki, zazzaɓi, ƙin nono, maɗiga da ta kumbura ko ta faɗa, wahalar numfashi, ko nauyi da ya tsaya. Amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, ga yaro ɗan mako biyu zuwa takwas, na iya nuna ƙofar fita daga tumbi ta tsuke, wannan kuma aikin tiyata ne. Aman da ya fara bayan wata shida shi ma sai an bincika. Zazzaɓi da amai a ƙasar da ake fama da cizon sauro da sanƙarau ba tumbuɗi ba ne. A kai yaro gidan likita mafi kusa, daga nan in ta kama a tura shi asibitin gundumar Filinge ko Yamai. Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. Maganin rage tsamin ciki da na hana amai kuwa, ba a sayo wa jariri su a kasuwa: ba sa rage kukan yaron da ke da tumbuɗi na al'ada, kuma wasunsu suna da illa mai tsanani ga ƙaramin jiki.