Cek Da Lasisi: Rubutun Landan Ko Na Amurka?

A bakin Bahaushe babu wata rigima: cek cek ne, lasisi kuma lasisi ne. Rigimar tana tashi ne idan aka zo cike fom ko rubuta wa banki wasiƙa da Turanci. Wannan ya rubuta cheque, wancan ya rubuta check, kowa kuma yana rantsuwa cewa nasa ne daidai.

Duk su biyun suna da gaskiya, sai dai kowa da ƙasarsa. Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, irin su Najeriya, Gana, Indiya da Kanada, cheque suke rubutawa idan ana nufin takardar da mai asusu ke umartar banki ya biya kuɗi. Amurka kuwa check take rubutawa. Ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a 1828 ya taimaka ƙwarai wajen kafa wa Amurkawa salon rubutunsu na daban, kuma a kansa suka zauna. Najeriya ba ta bi su ba. Dokar 1977 da ta mayar da bayar da cek na bogi laifi, sunanta Dishonoured Cheques (Offences) Act, kuma haka Babban Bankin Najeriya yake rubutawa a takardunsa.

Kada a ɗauka cewa Birtaniya ba ta san check ba. Tana amfani da shi, amma da ma'anar dubawa ko bincike, kamar binciken jami'an tsaro a filin jirgi. Saboda haka wanda ya rubuta wa bankinsa na Kano cewa yana son check book, za a gane nufinsa, amma ya shigo da salon da ba na gidan ba.

Lasisi ya fi wuyar sha'ani, domin a nan Birtaniya kanta rubutu biyu gare ta. Idan suna ne, wato ita kanta takardar izinin, sai a rubuta licence da harafin c. Idan aikatau ne, wato bayar da izinin, sai a rubuta license da harafin s, haka ma duk abin da ya fito daga gare shi, kamar licensed da licensing. Shi ya sa ɗan Birtaniya yake riƙe da driving licence, alhali hukumar da ta ba shi sunanta Driver and Vehicle Licensing Agency. Amurka ta huta da wannan wahalar, license take rubutawa ko'ina.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke son sabon littafin cek, aka ce ya haɗa da kwafin shaidarsa. A wasiƙarsa zai nemi cheque book, ya ce ya haɗa da driver's licence, da c, kamar yadda yake a katin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke bayarwa. Idan ya duba ƙasan tallar bankin ya ga Licensed by the Central Bank of Nigeria, ba kuskure aka yi ba, aikatau ne. To amma in ɗansa da ke karatu a Texas ya aiko da fom, a can zai ga checking account a inda bankinsa na gida ke cewa current account, ya kuma ga cashier's check a madadin bank draft. A wannan fom ɗin salon Amurka zai bi, amma sunan wata hukuma ko wata doka, a kwafe shi yadda masu shi suka rubuta.

Kwamfuta ba ta cika ceton mutum a nan ba. Idan an saita manhajar rubutu a kan Turancin Amurka, sai ta ja jan layi a ƙarƙashin licence, mai rubutu ya gyara abin da bai lalace ba. Idan kuma a kan na Birtaniya take, tana iya barin check da license su wuce a inda bai kamata ba, tunda dukkansu kalmomi ne halastattu a can. Sai mutum ya tsaya ya tambayi kansa: takarda nake nufi, ko aikin bayar da ita?

Shin wannan bambancin zai sa banki ya ƙi biyan kuɗi? A'a. Kalmar ma a buge take zuwa a jikin cek, ba mai asusu ke rubuta ta ba. Abin da ke sa a dawo da cek shi ne sa hannu da bai dace da wanda ke ajiye a banki ba, ko adadin kuɗi a lamba ya saɓa da wanda aka rubuta da kalmomi, ko kwanan watan ya haura wata shida. Inda rubutun ke da amfani shi ne wajen lura da takardun bogi. Idan wasiƙa ta zo da sunan wani bankin Landan tana albishir da check, tana neman a fara turo kuɗin aiki, to a dakata a tuntuɓi bankin ta lambar da ke shafinsa na ainihi, ba wadda ke jikin wasiƙar ba.