Kafin ɗalibi ya tura kuɗin kwas

Wata ƙanwata da ke koyar da lissafin shago ta waya ta turo mini sanarwar da ta rubuta don sabon ajinta, ta ce in duba mata kafin ta ɗora. Hoton ya yi kyau. A ƙarƙashinsa ta rubuta cewa wannan dama ce da ba za ta maimaitu ba, mutum zai zama ƙwararren akanta cikin wata guda, mai son bayanin kuɗi kuma ya biyo ta ta akwatin saƙo. Na san ta, na san ta iya aikinta, ba ta kuma da niyyar cutar kowa. Amma da ban san ta ba, da ba zan tura mata ko sisi ba, domin babu layi ɗaya a rubutun da zan iya riƙe ta da shi in abu ya ɓaci.

Ɗan rubutun nan da ake sakawa ƙarƙashin hoton talla shi ne kaɗai yarjejeniyar da ke tsakanin malami da ɗalibi a yawancin kwasa-kwasan da ake yi ta intanet a wurinmu. Babu ofis, babu takardar sa hannu. Ɗalibar da ke Gusau ba ta taɓa ganin malamar da ke Kano ba, rubutun ta gani ta tura kuɗi. Don haka na ce wa ƙanwata mu ɗauki kowane layi a matsayin alƙawarin da za a iya tuhumar ta a kai.

Muka fara da abin da za a koya, nan ne kuma muka fi daɗewa. “Za ka zama ƙwararre” ba ya aunuwa, haka ma “za ka fahimci lissafin kasuwanci”. Na tambaye ta: ranar da aka gama, me mai shagon zai iya yi da hannunsa wanda bai iya ba a da? Ta ce zai buɗe shafi a Google Sheets a wayarsa, ya shigar da cinikin yini da kashe-kashensa, ya ware waɗanda yake bi bashi, ya fitar da ribar wata da kansa. Na ce to, wannan za ki rubuta. Mai sayar da kayan masarufi da ya karanta haka zai gane littafinsa na bashi da ke cike da gogegge, ya san kwas ɗin nasa ne. Wanda ke neman ilimin haraji ko binciken asusun kamfani kuma zai gane ba nan ba ne, ya wuce ba tare da an yi rigima ba. Abu uku ko huɗu sun isa. In na ga an jera goma sha biyar a kwas na mako huɗu, na san taɓa su kawai za a yi.

Kan kuɗi mun ɗan yi ja-in-ja. Ta ce in ta rubuta farashi wasu za su gudu tun ba su ji bayani ba. Gaskiya ne, amma wanda dubu goma sha biyar ta fi ƙarfinsa zai gudu ko bayan ta ɓata rabin awa tana amsa masa saƙo, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ɓoye farashi a matsayin alamar za a duba fuskarsu kafin a yanka musu. Abin da ya fi wannan haddasa ɓacin rai shi ne kuɗin da ke ɓullowa daga baya: na satifiket, na manhaja, na data. Na sa ta auna datar da darasi guda na kai tsaye ke ci a wayarta, ta lissafa na wata, ta rubuta. Ta kuma bayyana sunan da ke kan asusun bankin, don mai turawa ya gan shi ya yi daidai kafin ya danna, da sharaɗin mayar da kuɗi.

Ranar farawa kuwa ba ta son dogon zance, sai dai a rubuta ta cikakkiya, da sunan rana da kwanan wata da awa. “Asabar mai zuwa” ba ta da amfani, saboda sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24 amma hoton da aka ɗauka daga gare shi yana yawo har makonni. A kuma faɗi agogon wace ƙasa: ƙarfe takwas a Kano ƙarfe takwas ne a Maraɗi da Garwa, amma bakwai ne a Kumasi, goma a Jidda. Tsawon darasi ma ya dace da manhajar, tunda taron kyauta na mutane da yawa yana yankewa a minti 40 a Zoom, a awa guda a Google Meet.

Ga yadda sanarwar ta koma:

“Lissafin shago a waya: kwas na mako 4, farawa Asabar 3 ga Oktoba, ₦15,000.
Bayan kammalawa za ka iya shigar da cinikin yini da kashe-kashe a Google Sheets, ka ware masu bashi, ka fitar da ribar wata.
Darasi kai tsaye duk Asabar, 8:00 na dare agogon Najeriya, minti 55, ta Google Meet. Wanda ya rasa zai samu bidiyon washegari.
Ana iya biyan ₦10,000 kafin farawa, ₦5,000 a mako na biyu. Babu wani kuɗi bayan wannan, sai datarka, kimanin gigabait 4.
Ana rufe rajista Laraba 30 ga Satumba. Wanda ya fasa kafin darasin farko za a mayar masa da kuɗinsa duka.
Ka sani: sai ka ware kamar awa uku a mako don aikin gida. Wannan kwas ba zai mai da kai akanta ba, ba ma samar da aiki, takardar da za mu bayar kuma shaidar halarta ce kawai.”

Suna da rana da farashi sun hau layin farko ne da gangan, domin Facebook da Instagram suna yanke dogon rubutu bayan ’yan layuka, kuma ba kowa ke dannawa ya buɗe sauran ba.

Layin ƙarshen ne ya fi yi mata nauyi, ni kuma shi na fi so. Ta ce, “Yaya, wa ke tallar kayansa yana faɗin abin da ba za su yi ba?” Na ce mata ta tuna ɗaliban ajinta na baya da suka ɓace a mako na biyu. Yawancinsu sun zaci kallon bidiyo kawai za su yi, ba wanda ya gaya musu akwai aikin gida. Matashin da ya ranci kuɗi wurin mahaifiyarsa da zaton takardar za ta shigar da shi banki, shi ne zai fi kowa jin an yaudare shi, ko da an koyar da shi da kyau. Shaidar halarta ba difloma ba ce. Diflomar da ake karɓa wajen neman aiki tana fitowa ne daga makarantun da hukuma irin NBTE ta amince da su, kuma wajibi ne a faɗa masa haka tun kuɗinsa na aljihunsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ma ta haramta tallar da ke ruɗar da mai saye, ba ta kuma ware ta intanet ba.

Akwai jumla guda da na roƙe ta ta cire, wato “saura gurbi uku kacal”, alhali ba a fara rajista ba. Ta ce kowa haka yake yi. Na tambaye ta mutum nawa za ta iya duba wa aikin gida ɗaya bayan ɗaya a mako, ga aikinta ga yara. Ta yi shiru tana lissafi, ta ce ashirin da biyar. Ta ƙara layi ta rubuta cewa mutum 25 za a ɗauka, tare da dalilin.