KASHI BIYU DA KASHI ƊAYA: YADDA AKA RABA RIBAR BIJIMAI 27 A ZANGON KWATANO

Sau da yawa abokan tarayya sukan sha wahalar hanya lafiya lau, sai ranar rabo a ji kansu. Kwanan baya an kawo mana irin wannan magana, daga wani Alhaji mazaunin Huweyiho da ɗan ƙanwarsa. Mun zauna a Zango bayan La'asar, mu da dattawan kasuwa da wani malami, har aka kashe wutar. Sun yarda mu kawo lissafin a nan, ba tare da suna ba.

Alhaji ya zuba sefa miliyan 6, yaron ya zuba miliyan 3, wato uwar kuɗi miliyan 9, kashi biyu na kawu, kashi ɗaya na ɗa. Tun da farko Alhaji ya ce masa, "Kai za ka yi zirga-zirga, ni ƙafa ta yi nauyi. In Allah Ya kawo riba, rabi da rabi." Ba takarda, ba shaida.

Yaron ya hau arewa, ya sayi bijimai 27 a kasuwar Gogunu da ƙauyukan kewaye, a kan jaka 300 kowanne in an daidaita, ya kama miliyan 8 da jaka 100. Kuɗin mota zuwa Kwatano jaka 450. Harajin kasuwa da takardar likitan dabbobi da abin da aka kashe a hanya jaka 150. Yaran shanu da dusa da ruwa jaka 200, la'adar dillalai jaka 100. Ɗawainiya ta tashi jaka 900, uwar kuɗi ta shige gaba ɗaya.

Bayan Faraku bijimi ɗaya ya kwanta a mota, 'yan uwansa suka tattake shi, dole aka yanka, mahauci ya saya jaka 150. Sauran 26 aka sayar jaka 375 kowanne. An haɗa miliyan 9 da jaka 900. A fitar da uwar kuɗi, riba jaka 900 ke nan.

To, a nan aka rabu. Alhaji ya ce ya yi tambaya an gaya masa rabi da rabi bai halatta ba, don haka nasa 600, na yaro 300. Yaron ya ce, "Haba Kawu! Ni na kwana a kan mota da shanu, kwana 24 ban ga iyalina ba. Kai kwana 6 ka yi a wurin sayarwa. Alkawari 450 ne." Magana har ta kai kunnen uwar yaron.

Kafin a taɓa riba sai da muka tace ɗawainiya. Abin da aka kashe saboda shanu shi ne na tarayya, har abincin mai rakiya a hanya. Amma yaron ya aika wa gida jaka 40 daga Kandi, ya rubuta cikin kuɗin hanya. Wannan ba na shanu ba ne, aka cire shi, ya zama bashi a kansa. Jaka 900 ɗin da muka faɗa bayan tacewa ne. Sannan muka tambaya ko mahauta sun gama biya, domin ba a rabon riba alhali kuɗi na hannun mahauci. In aka raba, mahauci ya karye, abin da aka ci da sunan riba uwar kuɗi ce. Aka tabbatar kuɗi sun shigo duka.

Daga nan malam ya karɓi magana. Ya tuna mana abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, cewa a mazhabar Malikiyya riba tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba, aiki ma haka. Mai kashi biyu na kuɗi, kashi biyu na aiki ne a kansa. In kuɗi sun bambanta aka yi sharaɗin raba riba daidai, tarayyar ta ɓaci. Alhaji ya gyara zama. Malam ya ce, "Dakata Alhaji, rabin hukunci aka gaya maka." A Muhtasar na Halil, in tarayya ta ɓaci ta wannan hanya, kowa yana da ladan aikin da ya yi wa ɗan uwansa. Wato riba ta koma bin kuɗi, amma gumin yaro bai faɗi ƙasa banza ba.

Ga yadda aka buga. Aiki duka kwana 30 ne, 24 da 6. Bisa gwargwadon kuɗi, kwana 20 na kan Alhaji, kwana 10 na kan yaro. Ashe yaron ya ɗauke wa kawunsa kwana 14. Dattawa suka yanke cewa wanda ya san saye da rakiya, in ɗaukarsa aka yi, jaka 5 zai karɓa a yini, ban da abinci. Kwana 14 sau jaka 5, jaka 70. Sai rabon Alhaji ya sauko daga 600 zuwa 530, na yaro ya hau daga 300 zuwa 370. Da aka cire jaka 40 da ya riga ya ci, 330 ya karɓa a hannu.

A lura da kuskure ɗaya da mutane ke yawan yi a daidai nan. Jaka 70 ɗin daga aljihun Alhaji kaɗai suke fita. In aka cire su daga tsakiyar riba kafin rabo, yaron ya biya kansa kashi ɗaya cikin uku na ladansa ke nan, ya yi asarar fiye da jaka 23 bai sani ba. Wanda ya fi son cirewa daga tsakiya, to ya biya kowa kwanakinsa: yaro jaka 120, Alhaji jaka 30. Saura 750, a raba 500 da 250. A haɗa, sai ka sake ganin 530 da 370. In lissafi biyun ba su haɗu ba, akwai inda aka zame.

Yaron ya ɓata rai, don 370 ba 450 ba ce. Sai wani dattijo ya tambaye shi, "Ɗana, da bijimai biyar ne suka kwanta, huɗu suka yi mushe fa?" Da an faɗi da jaka 600, Alhaji zai ɗauki 400, yaro 200, domin asara ma kuɗi take bi, amma jaka 70 ɗinsa na nan daram. Lada ba ya jiran riba. Ya yi shiru, ya ce ya yarda.

Malam ya ƙara da abu biyu. Malaman Hanafiyya sun halatta a ƙara wa mai aiki kason riba in an yi sharaɗi tun farko, shi ya sa wani lokaci za ka ji fatawa dabam, amma su ma asara a kan gwargwadon kuɗi suke raba ta. Na biyu, da an ƙulla tarayyar daidai, daga baya yaron ya ƙara aiki don ganin damarsa, to kyauta ya yi, ba shi da ladan nema. Haka kuma kyauta bayan ƙulla tarayya ba laifi. Jin haka Alhaji ya ce ya yafe jaka 40 ɗin da aka aika wa ƙanwarsa.

Yanzu kafin su sake loda mota sun sayi littafi: shafi ɗaya na abin da kowa ya zuba, ɗaya na ɗawainiya, ɗaya na kwanaki, mutum biyu sun sa hannu. Sun kuma ce duk ranar da Alhaji ba zai iya fita ba, zai ɗauki wani da kuɗinsa ya tsaya masa.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya bar zumunci. Amin.