Tambayar da Ta Zo da Amsarta a Baki

Wata malama mai bincike ta shiga ƙauyukan Katsina tana tambayar matan kulle yadda suke rayuwa. Ta riga ta sa a ranta cewa macen da ba ta fita ba ta neman kuɗi. Saboda haka takan ce, "Inna, ba kya aiki, ko?" Kusan kowace takan amsa, "E, zama kawai muke yi."

Da ta zauna sauraren abin da ta naɗa a rikoda, sai ta lura cewa amsoshin sun yi kama da juna fiye da kima, har kalmominta matan suke maimaitawa. A bayan muryar wata kuwa ana jin yarinya tana lissafa cinikin ƙuli-ƙuli. Baƙuwa ce mai takarda, ga kunya, wa zai musa mata?

Ta koma ta canza tambaya: "Jiya daga asuba me kika yi?" Nan aka fara jero suyar ƙosai, dakau, kitso da zubin adashi. Mace ɗaya ma awaki shida gare ta, waɗanda ta saya da ribar man gyaɗa.