Kafin ki jefar da ekutar, dubi ragar bakinta

Makon jiya wata mai saida atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta tare ni da ƙorafi. Ekutar da take sauraren rediyo da saƙonnin masu sari, kunnen dama ya yi ƙasa kwatsam, sai ka ce daga cikin rijiya ake magana. Har ta yi niyyar sayen wata. Da na haska bakin da tocila, sai ga ragar ta toshe ƙirin da dauɗar kunne.

Ga yadda abin yake. A bakin kowace ekutar akwai ƴar raga kamar rariya, bayanta kuma wata fata siririya ce mai kaɗawa kamar fatar kalangu, ita ke fidda murya. Dauɗar kunne tana da maiƙo. In ta gamu da zufa da ƙurar kasuwa sai ta like ramukan ragar ɗaya bayan ɗaya. Ba a lura sai ranar da sauran ramukan suka rufe.

Yaya za a gane? In murya ta dushe amma ba ta karkarwa, galibi dauɗa ce. In tana ƙara kamar tsagaggen kwano, fatar ce ta lalace. In kuma tana yankewa sa'ad da aka taɓa igiya, igiyar ce.

Abin da muka yi a rumfarta bai kai minti 10 ba. Mun cire robar baki, muka wanke ta ita kaɗai da ruwa, muka ajiye ta bushe sarai. Sannan muka kifa ekutar, ragar na kallon ƙasa, muka share a hankali da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kifawar ce sirrin: dauɗa ta zubo waje maimakon ta shige ciki. Abin da ya rage a gefe muka ɗauke da busasshiyar auduga, ba tare da dannawa ba. Murya ta dawo tangaram.

Yanzu ga abin da ke kashe ta. Allura, fil ko tsinke suna huda raga, su tura dauɗa ciki, wani lokaci har su tsaga fatar, kuma wannan ba ya gyaruwa a rumfa. Kada a zuba ruwa, turare ko alkol a kan raga: suna narkar da dauɗa ta gangara ciki, suna kuma iya sassauta gam. Alkol na farmasi a ɗan jiƙa tsumma da shi, a goge jiki kawai. Kada a kai wa mai faci ya hura mata iska, ƙarfin iskar yana fasa fatar.

Ƴan uwa, ƙure ƙara ba magani ba ne: kunnen da bai toshe ba shi ke shan duka. A riƙa sharewa sau ɗaya a mako, kuma a daina cusa ta cikin lalita tare da canji da goro.